Me Ke Riƙe Da Fankar Da Ke Juyawa A Kanka?

Idan mai gida ya tashi sayen fankar sama, tambayoyinsa ba su wuce uku: nawa ce, tana da iska, kuma nawa take shan wuta. Da wuya ka ji wanda ya tambaya a jikin me za a rataye ta. Wannan ɓangaren ana barinsa ga mai wayarin, shi kuma sau da yawa yakan ɗaga kai ya dubi silin, ya ce, "Alhaji, ba komai, ai ba ta da nauyi." Gaskiya ya faɗa. Fanka mai inci 56, irin wadda ta cika gidajenmu da masallatai da azuzuwa, nauyinta bai cika wuce kilo 5 zuwa 7 ba. Yaro ma zai ɗauke ta da hannu ɗaya. Sai dai ba nauyi ne kaɗai ke kayar da fanka ba, kuma wanda ya tsaya a kan nauyi ya bar rabin lissafi a baya.

Fanka ba ta zama wuri ɗaya kamar kwan fitila. Mai inci 56 in an ƙure mata gudu tana juyawa wajen sau 300 a minti ɗaya, wato sau biyar kowace daƙiƙa. A daren bazara guda, in wuta ta zauna awa 8, ta yi juyi 144,000 ke nan. Bakin fiffikenta kuwa, da yake faɗin da'irar ya kai mita 1.4, yana keta iska da gudun da ya kusa kilomita 80 a awa. A irin wannan gudu ɗan bambanci kaɗan yakan girma. A ce fiffike ɗaya ya fi 'yan uwansa nauyi da giram 10 kacal a can bakinsa, ko don ƙura da ta daskare, ko don an haɗa fuka-fukan fanka biyu daban. In ta ɗauki gudu, giram 10 ɗin nan zai riƙa fizgar fankar gefe da ƙarfin da ya kai wajen giram 700, kuma fizgar tana zagayawa: gabas, kudu, yamma, arewa, sau biyar a daƙiƙa. Ban da wannan, duk lokacin da aka kunna ta, motar tana murɗa sandar da aka rataye ta da ita zuwa ɓangaren da ya saba wa juyin fuka-fukai.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san yadda akuya ke tumɓuke turke. Ba da ƙarfi ɗaya take cire shi ba. Tana ja nan, ta ja can, ramin yana ƙara faɗi kaɗan-kaɗan, har ranar da za a wayi gari a gan ta tana yawo da turken a wuya. Haka fanka ke yi wa ƙusa da duk wani abin da matsi ne kawai ke riƙe da shi a cikin rami. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowane irin rataye ita ce: shin ƙarfen ya hau kan wani abu mai ƙarfi ne ko ya ratsa shi, ta yadda sai abin ya karye kafin ya sauko, ko kuwa cusa shi kawai aka yi daga ƙasa yana jiran ranar da zai zame?

Hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, IEC, ta ba da ma'auni biyu masu sauƙin riƙewa a ƙa'idarta ta fankoki. Na farko, ƙugiya ko duk abin da za a rataye fanka a kai dole ya iya ɗaukar nauyinta ninki huɗu. Na biyu, fuka-fukai su kasance sama da mita 2.3 daga daɓe. Fanka mai kilo 6 ke nan tana buƙatar ƙugiyar da za ta ɗauki kilo 24 ba tare da ta ko motsa ba. Za mu dawo kan wannan lamba, don akwai hanyar gwada ta da abin da ke kowane gida.

Silin ba wurin rataye ba ne

Abin da ido ke gani a saman ɗaki yawanci rufi ne na ado. Silin roba, fi'ofi, falanki ko allon asbesto, dukkansu nauyin kansu kawai aka yi su su ɗauka. Fi'ofi ma shi kansa rataye yake, da zare da siminti fari ko siraran ƙarafa. Abin da ke ɗaukar kaya yana bayansu: ko dai dekin na kankare, ko katakon rufin kwano. Aikin farko shi ne a gano wanne ne, a kuma kai hannu gare shi, ko da sai an yanka rami a silin. Mai aikin da ya ce zai ɗaura fanka ba tare da ya ga abin da ke bayan silin ba, a sallame shi da girma da arziki.

Dekin: kafin a zuba da bayan an zuba

Mafi kyawun ƙugiya ita ce wadda aka sa tun kafin a zuba kankare, kuma ita ce mafi araha, don guntun rodi ne kawai. Ana samun rodi mai kaurin milimita 10 ko 12, a lanƙwasa tsakiyarsa ya yi lauje rufaffe, sannan a baje ƙafafunsa biyu hagu da dama, kowace ta kai santimita 20 zuwa 30. Ana huda katakon da aka shimfiɗa don zubin dekin, a zura laujen ya leƙo ƙasa, ƙafafun kuma su kwanta a bisa rodin dekin na ƙasa, a ɗaure su da waya. Wannan hawan da ƙafafun suka yi a kan rodi shi ne asirin abin. In aka zuba kankare ya bushe, ƙugiyar ba ta da hanyar fita sai ta tsinke ko ta tafi da rodin dekin. Kuskuren da ake yi shi ne a kwantar da ƙafafun a ƙarƙashin rodin, inda kankaren santimita 2 ne kawai ke tsakaninsu da iska. Rodi mai santsi ya fi dacewa da wannan aiki, domin mai gurzan nan yakan tsage in an yi masa lanƙwasa mai tsanani, balle a miƙe shi a sake lanƙwasawa. Duk mai gini ya zagaya da kansa ranar jajibirin zubi ya ƙirga ƙugiyoyi ɗaki-ɗaki, don mai ɗaurin rodi da mai wayarin kowanne yakan ɗauka aikin ɗan uwansa ne.

To, in an riga an zuba ba a sa ba fa? Nan ne ake ganin abubuwa iri-iri. Wani zai huda rami ya cusa fisha, wato 'yar robar nan da ake sa wa sukuru a bango, ya murɗa ƙugiya a ciki. Wani zai fere guntun katako ya buga a ramin. Wani kuma ƙusar kankare zai buga guda huɗu a jikin ɗan ƙarfe. Dukkansu za su riƙe ranar farko, shi ya sa ake ruɗuwa. Fisha tana da amfaninta a bango, inda kaya ke danna sukuru ƙasa yana kwance a ramin. A saman ɗaki kuwa kayan yana jan sukurun ne kai tsaye ta hanyar da ya shiga, roba kuma tana saki a hankali in ta daɗe a cikin ja, balle da zafin dekin da rana ta gasa tun safe. Guntun katako yana bushewa ya ƙanƙance da hunturu. Ƙusar kankare ƙarfenta busasshe ne, karyewa take ba lanƙwasa ba, kuma bugunta yana farfasa kankaren da ya kamata ya riƙe ta.

Akwai wata dabara da ta yaɗu: a sassaƙe kankare da kurfi har a tono rodin dekin, a maƙala masa ƙugiya. Ba zan ce ba ta riƙewa ba, tana riƙewa sosai. Amma an tona wa rodin asiri. Kankaren da ke lulluɓe da shi shi ke hana shi tsatsa, kuma tsatsa in ta kama tana kumbura ta ɓanɓare kankaren da ke kewaye. A dekin da ke rufin ƙarshe, wanda ruwan damina ke kwanciya a kai, wannan rami ƙofar matsala ce. A ganina bai kamata a yi wa ginin miliyoyi wannan rauni ba saboda abin da bol biyu za su magance.

Bol ɗin da nake nufi shi ne mai buɗewa a cikin rami, wanda masu sayar da kayan gini, a Ƙofar Ruwa ta Kano da sauran wurare, ke kira anka bol ko rol bol. Yana da riga ta ƙarfe mai tsage-tsage, da wani ɗan dunƙule a can ƙarshe. In ana ɗaurewa, dunƙulen yana shigowa cikin rigar yana buɗa ta, tana cizon kankare. Abin da ya raba shi da fisha shi ne, in kaya ya ja shi ƙasa, jan yana ƙara shigar da dunƙulen ne, cizon yana ƙaruwa.

Mu bi aikin a wani falo

A ce falo ne a ƙasan bene, daga daɓe zuwa dekin mita 3, kaurin dekin santimita 15 kamar yadda aka saba, an yi fi'ofi da ya sauko da santimita 25, kuma an manta ƙugiya. Fankar mai inci 56 ce, kilo 6.

Lissafin tsayi ake fara yi, tun kafin a taɓa diril. Fuskar fi'ofi tana mita 2.75 daga ƙasa. Fanka tana buƙatar sarari kamar santimita 30 tsakanin fuka-fukai da silin kafin ta ja iska sosai, in ba haka ba sai ƙara ba iska. Fuka-fukan za su zauna a mita 2.45 ke nan, sama da 2.3 da ake buƙata. Daga dekin zuwa fuka-fukai santimita 55 ne, kuma ƙugiya da sandar fanka da kan motar su za su cike wannan tazara. In sandar da ta zo a kwali ta gaza, a sayi doguwa guda ɗaya mai kauri. Kada a yarda da haɗa biyu da walda, kada kuma a cike gibin da waya ko sarƙar ƙofa. A duba kuma bakin fiffike ya bar aƙalla rabin mita tsakaninsa da bango, labule ko ƙofar kabad in an buɗe ta.

Sai a je wurin mai walda ya yi farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, tsawonsa kamar santimita 20, da rami a kowane gefe, tsakaninsu santimita 15. A tsakiya zai liƙa lauje rufaffe na rodi mai milimita 10 ko 12, ƙafafunsa a kwance a jikin farantin, a bi su da walda gefe da gefe, ba ɗigo biyu ba. Dalilin bol biyu maimakon ɗaya mai zobe a kai shi ne murɗawar nan da mota ke yi a kowane kunnawa. Bol ɗaya yana iya juyawa a raminsa. Biyu kowanne yana hana ɗan uwansa juyawa, kuma in ɗaya ya faɗa a wurin da kankare bai kamu ba, ɗayan yana nan. Tazarar da ke tsakaninsu ma tana da dalili: kowane bol yana matsa kankaren da ke kewaye da shi, in sun yi kusa da juna sai su haɗu su tsaga wurin.

Kafin a hau tsani a kashe wuta daga babban akwati, ba daga makunnin bango kawai ba. A gidaje da yawa an sa makunni a kan wayar da ba ita ke ɗauke da wuta ba, sai fanka ta tsaya amma wayar sama tana nan da ranta. A tuna da janareta da inbata da sola, a kashe su ma, sannan a taɓa kowace waya da tasta.

Wurin huda yana son lura. Fayif ɗin wayar lantarki yana binne a cikin dekin, yana tafiya daga akwatin da ke tsakiyar ɗaki zuwa bangon da makunni yake, wani lokaci kuma zuwa fitilu. A leƙa cikin akwatin a ga ta ina fayif ya fita, a kauce wa wannan layi, a kuma bar aƙalla santimita 10 daga bakin akwatin. A ƙwanƙwasa wurin da guduma. Kankare mai lafiya yana amsawa da kaifi, wanda ke da kogo ko ya ɓanɓaro yana amsawa kamar ganga. Wasu benaye ana yin dekinsu da bulo mai rami a jere, da siraran gadojin kankare a tsakani. A irin wannan, gadar ake nema, don bulon ɓawo ne kawai.

Ga bol mai riga na milimita 8, wanda za ka ga an rubuta M8 a kwalinsa, bakin diril mai milimita 14 ake sawa. Na milimita 10 yana son 16. Akwai wani iri mara kauri wanda raminsa daidai yake da kaurinsa, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikinsa, kada a yi kirdado. Zurfin ramin M8 kamar santimita 6 ne a cikin kankare tsantsa. Filasta ba ta cikin lissafi. In akwai filasta mai santimita 1.5, a kankare ta daidai faɗin farantin don ƙarfe ya zauna a kan kankare, in ba haka ba za ta niƙe a hankali ta bar farantin yana rawa. A naɗa salatif a bakin diril a matsayin alamar zurfi, a riƙe injin a tsaye kyam. Ramin da aka yi ana karkaɗa hannu yakan fi bol faɗi, kuma ramin da ya yi faɗi ya lalace, ba a gyara shi da cusa tsinke ko takarda. In bakin diril ya tsaya cak a santimita 2 ko 3 yana ƙara, rodi ya tarar. Kada a yanke shi. A matsa gefe da santimita 4 ko 5, a toshe tsohon ramin da siminti.

Garin da ke zubowa ma yana ba da labari. In diril yana shiga kamar cikin bulon ƙasa, garin kuma yashi ne zalla, an yi rowar siminti a wurin, kuma bol mai buɗewa ba zai sami abin cizo ba. A nan mafita ita ce a huda dekin gaba ɗaya, in ba a riga an sa tayil a sama ba, a zura dogon bol da faranti a bisa, a binne shi a cikin daɓen sama. Dekin sabo kuma a bar shi ya cika kwana 28 kafin a huda.

Bayan an huda a fitar da ƙura da buroshi da famfon iska. Mutane suna raina wannan mataki, alhali ƙurar da ta rage tana shiga tsakanin riga da kankare ta zama santsi. Sai a tura bol, a ɗora faranti da washa, a ɗaure da sifana. Hannu zai ji lokacin da ya kama: yana yin nauyi a hankali har ya tsaya. In yana ta juyawa ba ya nauyi, ko yana fitowa waje, bai kama ba, a canza wuri. Kada kuma a sa fayif a jikin sifana don ƙarin ƙarfi, ana iya tsinke bol ɗin ko a tsaga kankare.

Wani zai ce ai akwai gam na musamman da ake dasa ƙarfe da shi a kankare. Akwai, kuma injiniyoyi suna aiki da shi. Amma dasa shi a sama, inda kaya zai yi ta ja dare da rana, yana son irin da aka gwada don haka da kuma hannun da ya ƙware. A watan Yulin 2006, a birnin Boston na Amurka, manyan allunan kankare sun ɓalle daga rufin wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa suka kashe wata mata a cikin mota. Binciken hukuma ya gano cewa gam ɗin da ya riƙe bol ɗin ne ya riƙa saki a hankali tsawon shekaru. In haka ta faru a aikin da injiniyoyi suka tsaya a kai, gam ɗin liƙa bokiti da ake sayarwa a shagon unguwa ba shi da wuri a wannan magana.

Yanzu sai gwaji. Jarkar mai ruwa ta lita 25 in ta cika nauyinta ya ɗan haura kilo 25, wato ninki huɗu na fankarmu da ɗoriya. A ɗaura igiya mai ƙarfi a ƙugiyar, a rataye jarkar ta tashi daga ƙasa da taƙi ɗaya kawai, don in wani abu ya saki kada ta yi ɓarna. A kaɗa ta gefe da gefe, a bar ta kamar minti 15, sannan a hau a duba. In gari yana zubowa, ko an ga haske tsakanin faranti da kankare, ko bol ya karɓi ƙarin ɗauri da sauƙi, aikin bai yi ba. Wannan ya fi abin da wasu masu aiki ke yi na yin lilo da ƙugiyar daga kan tsani, wanda in ta saki mai gwajin ne zai fara zuwa asibiti. Fankar ado mai fitilu da ta kai kilo 12 jarka biyu take so.

In rufin kwano ne

A gidan kwano matsalar ta fi ɓoyuwa, domin katako yana ko'ina a bayan silin, kuma ba kowanne ne na ɗaukar kaya ba. Siraran nan da ake buga silin a jikinsu, tu-bai-tu, su ne mafi kusa da hannu, su ne kuma mafi rauni. An haɗa su da juna da ƙusa biyu-biyu, sau da yawa ta kan ƙarshen katakon, inda ƙusa ba ta da riƙo. Kuma duk wanda ya saba shiga 'yan katako ya san abin da ake kira tu-bai-tu ba lallai ya cika inci biyu ba. Wanda ake nema shi ne babban da ya ratsa daga bango zuwa bango a gindin rufin, wanda kafintoci ke kira tai-bim, yawanci tu-bai-sikis ko tu-bai-fo. Sai an shiga cikin rufin ko an cire allon silin ɗaya kafin a gan shi.

In an yi sa'a ya bi ta daidai inda ake son fanka, sai a lanƙwasa rodi ya hau ta bisansa ya sauko ta gefe biyu, a rufe shi a ƙasa, a kuma danne shi da ƙusoshi a gefe don kada ya yi tafiya. Amma yawanci tsakiyar ɗaki tana faɗawa tsakanin tai-bim biyu. A nan ake yin gada: guntun tu-bai-fo mai lafiya, a tsaye a kan gefensa ba a kwance ba, a ɗora shi a bisa tai-bim ɗin biyu ya zarce kowanne da kamar santimita 10, a kafe shi da ƙusa ko bol. Ɗorawa a bisa ita ce magana. In aka yanka shi daidai aka cusa a tsakani, ƙusoshi ne ke ɗauke da fankar. In yana bisa, katako ne a kan katako, aikin ƙusa kawai ta hana shi gocewa. Daga gadar sai rodi ko dogon bol mai milimita 10 ya sauko, da washa mai faɗi a sama da noti biyu da aka ɗaure ɗaya a kan ɗaya. In an huda gadar, ramin ya bi ta tsakiyar kaurinta.

Idan babu hanyar hawa sama, kamar a ƙarƙashin bene na katako, ana iya amfani da manyan sukurori masu kan sifana, na milimita 8, guda biyu ta cikin faranti, kowanne ya shiga katako da aƙalla santimita 5 ban da kaurin silin. Dole a fara huda musu ɗan rami mai kamar milimita 5 ko 6, in ba haka ba katako mai tauri zai tsage, kuma tsagaggen katako ba ya riƙo. Murɗa su ake yi, ba a buga su da guduma. Ƙusa kuwa, komai tsawonta, in daga ƙasa aka buga ta sama, ba abin rataye fanka ba ce. Katakon rufi galibi ɗanye ake aiki da shi, yana bushewa a ƙarƙashin kwano mai zafi, ramin ƙusa ya saki.

Kafin duk wannan a soki katakon da bakin sukundireba. Gara tana cinye ciki ta bar fata, katako ya yi kyau a ido alhali hannu zai iya murƙushe shi. Inda kwano ke yoyo kuma ruɓa ake samu. A tsohon soro mai rufin azara, inda ba a iya zagaya azarar da ƙarfe, kuma sukuru na iya tsaga ta, gara a gitta fayif mai kauri daga bango zuwa bango a binne kawunansa sosai, ko a haƙura da fankar bango.

Ƙaramin fil da ake yarwa

Ƙugiya tana iya zama daram fanka kuma ta faɗo, domin tsakaninsu akwai wasu ƙananan abubuwa. A saman sandar fanka akwai ƙarfe biyu da bol ya ratsa, da wata roba mai kama da taya a tsakiya. Robar ce ke zama a cikin ƙugiya, tana shanye girgiza, tana hana ƙarfe cin ƙarfe. A ƙasan sandar ma akwai wani bol da ya haɗa ta da motar. Kowane bol yana da noti, kuma a bayan notin akwai ɗan rami da ake zura fil mai ƙafa biyu a buɗe ƙafafun. Girgiza tana kwance noti, fil ɗin shi ke tare shi kada ya fita. Shi ne kuma abin da ya fi saurin ɓata a cikin kwali, mai aiki ya ce ba dole ba ne, ko ya maye gurbinsa da guntun wayar wuta. Kafin a ja kofin da ke rufe wurin, mai gida ya ce, "Malam, don Allah nuna mini fil ɗin, sama da ƙasa." Fankoki da yawa na yanzu suna zuwa da siririyar igiyar ƙarfe ta ko-ta-kwana. Ana ɗaura ta a jikin ƙugiya ko wani bol na daban, da ɗan sako-sako, ba a naɗe ta a cusa cikin kofi ba. Wayar wuta kuma a bar mata rara, kada ta zama tana ɗaukar nauyi.

Fanka ba ta cika faɗowa ba gargaɗi. Rawa kaɗan a babban gudu ba abin tsoro ba ce, yawanci daga fuka-fukai take: a goge ƙura, a ɗaure sukurorinsu, a auna tazarar bakin kowanne daga silin a wuri ɗaya a ga ko wani ya lanƙwashe. Gurnani mai ɗorewa daga cikin mota boris ne. Alamun da ke cewa a kashe ta nan take daban suke: ƙas-ƙas daga sama a kowane juyi, kofin sama da ya sauko ya bar tazarar da da babu, farin gari ko garin katako a kan gado da safe, baƙin garin roba ko jan garin tsatsa a cikin kofi, tsaga a fi'ofi da ta kewaye sandar, ko rawar da ke ƙaruwa mako bayan mako. Robar nan in ta mutu, bol yana gogar ƙugiya kai tsaye, kuma shekara da shekaru yana iya cin rabin kaurinsa ba wanda ya gani.

Wanda ya shiga gidan haya ya tarar da fanka a rataye bai san wa ya ɗaura ta ba, bai kuma san a jikin me ba. Haka masu kula da masallatai da makarantun da ke da fankoki goma ko ashirin a kan jama'a. Kafin zafin Maris ya shigo, a kashe wuta, a kawo tsani, a sauke kofin sama na kowace fanka, a haska fitila a ga ƙugiya da roba da noti da fil. In abin da aka gani fisha ce, ko ƙusa, ko waya a naɗe a jikin tu-bai-tu, a sauke fankar a ranar, a kwana da ta ƙasa har a kira mai gyara.